Rahoton dare ya ce babu tikitin da za a biya, alhali sikeli ya wuni yana aiki

Dan_Gwandu: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu kula da rumbun bayanai. Muna sayen shanshera a cibiyoyi biyar: Argungu, Suru, Jega, Yawuri da Kamba. Kowace cibiya akwai akawu da ke shigar da tikitin awo a manhajar waya, wayar ta tura zuwa sabarmu da ke Birnin Kebbi. Da ƙarfe 2 na dare wani aiki yana tashi da kansa, ya kwashe sababbin tikitai, ya haɗa takardar biyan manoma. Na daren Talata ga abin da ya rubuta:

```
0 new rows, nothing to process
exit 0
```

Ofishin kuɗi suka ga fitilar aikin kore, alamar ya gama lafiya, suka ɗauka babu biya. Sai ran Laraba da yamma da manoma suka fara kira aka gane. Tambayata: ta yaya zan sa aikin ya ƙi yarda da sifili, ko adadi kaɗan, sai ya kwatanta da kwanakin baya? Ga adadin tikitan Talata shida da suka wuce: 412, 388, 431, 97, 405, 420.

Injiniya_Bunza: Wa alaikumus salam. Fara da raba abu biyu da aikinka ya haɗe. "Ban ga komai ba" daban, "babu komai" daban. Abin da aikin ya sani kawai shi ne umarnin da ya aika wa rumbun ya dawo fanko. Bai san ko manoma ba su zo ba ne, ko wayoyi ba su turo ba, ko shi ne ya leƙa inda ba nan ba. Dukansu uku sifili ɗaya suke bayarwa, kuma babu wanda ke jawo kuskure a cikinsu, shi ya sa ka ga `exit 0`.

Kwatancen da za ka yi da irin ranar za ka yi shi, Talata da Talata, Juma'a da Juma'a. In ka auna Juma'a da Alhamis kullum za ta yi maka kama da matsala, tunda ana rufe sikeli a tafi masallaci, wasu manoman ma ba sa dawowa.

Sannan kada ka tara lambobin ka raba shida. Jera su daga ƙarama zuwa babba: 97, 388, 405, 412, 420, 431. Ɗauki biyun tsakiya, 405 da 412, tsakaninsu 408.5. Wannan ita ce Talatarka ta yau da kullum. Da tarawa ka yi ka raba, 359 za ka samu, domin 97 ɗin nan ta ja ma'aunin ƙasa da kusan tikiti hamsin. Rana ɗaya mara kyau ba ta iya motsa lambar tsakiya haka.

Iyaka kuma ka fara da rabi. Duk Talatar da ta zo ƙasa da 204, aikin ya tsaya ya yi gargaɗi.

AbuZamfara: Ni ina ganin matsalar agogo ce. Yawancin saba a kan UTC suke, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. In aikin ya ce "kawo na jiya" da `CURRENT_DATE - 1`, sabar tana ganin har yanzu jiya ake ciki, sai ta kawo na shekaranjiya da an riga an biya. Sifili ke nan. Gyara shi haka:

```sql
(now() AT TIME ZONE 'Africa/Lagos')::date - 1
```

Injiniya_Bunza: Malam Abu, cutar da ka faɗa gaskiya ce, amma ba ita ta kama shi ba. Tana aukuwa ne ga aikin da ke tashi tsakanin 12 da 1 na dare agogon nan. Nasa ƙarfe 2 yake tashi, wato 1 a UTC, rana ta riga ta juya a can ma. Kuma da ita ce, da kowane dare zai ga haka, ba Talata ɗaya ba. Layin da ka bayar dai ya ajiye shi, yana da amfani ranar da wani zai matso da lokacin aikin.

AbuZamfara: Haka ne, ban lura da ƙarfe 2 ɗin ba. Na gode.

Sarkin_Awo: Ku dai ku binciki akawunan ga. In tikiti ya ɓace, wani lokaci ba na'ura ba ce, mutum na. A ɗauki littafin sikeli a ƙirga buhunan da anka shigar sito, a gani in sun yi daidai.

Hajiya_Akanta: Baba Sarkin Awo, ba tikiti ɗaya ko goma ne suka ɓace ba, cibiyoyi biyar ne suka yi shiru dare ɗaya. Akawu biyar a garuruwa biyar ba za su haɗa baki su ɓoye wuni guda cur ba, manoma kuwa suna riƙe da kwafinsu. Amma maganar littafin sikeli tana da amfani ta wata fuska, zan dawo kanta.

Injiniya_Bunza: Dan_Gwandu, ta yaya aikin ke gane tikiti "sabo" ne? Turo mana sharaɗin.

Dan_Gwandu: Yana ajiye lokacin tikiti na ƙarshe da ya ɗauka, washegari ya nemi waɗanda suka fi shi:

```sql
WHERE created_at > :last_seen
```

`created_at` ɗin wayar akawu ce ke saka shi lokacin awo.

Injiniya_Bunza: To ga inda nake zargi. Gudanar da wannan ka gaya mana:

```sql
SELECT count(*), max(created_at) FROM tikiti WHERE created_at > now();
```

In waya ɗaya tana da kwanan wata na gaba, ko da tikiti ɗaya ta turo, alamar inda aka tsaya za ta yi tsalle zuwa can. Daga nan duk tikitin gaskiya da ya shigo, aikin zai gan shi a matsayin tsoho. Tikitan suna nan zaune a rumbun lafiya lau, ba a dai ɗaukarsu, kuma haka zai ci gaba da cewa babu komai har ranar da kalanda ta cim ma wancan kwanan watan.

Dan_Gwandu: Yallabai, ka gano ta. Tikiti uku daga cibiya ɗaya ran Litinin da yamma, shekararsu ta gaba. An canza wa akawun waya, aka saita kwanan wata da hannu aka kuskure shekarar. Na mayar da alamar baya, tikitan Talata 417 sun fito.

Injiniya_Bunza: Alhamdu lillahi. Amma kada ka tsaya nan, domin sharaɗin nan yana da wani rami da ya fi wannan zurfi. A ce wayar Kamba ba ta samu netwok ba ran Litinin, ta riƙe tikitanta sai Talata da safe ta turo. A daren Litinin sauran cibiyoyin sun riga sun kai alamar zuwa, misali, 6 na yamma. Tikitan Kamba na 10 na safe da na azahar duk lokacinsu ya gaza alamar, don haka ba za a taɓa ɗaukarsu ba. Wannan ba ya ba da sifili, ragi yake bayarwa, kuma ragi ba ya jan ido. Ina so ka koma kan Talatar nan mai 97. Ƙirga tikitan da ke rumbun masu kwanan watan ranar, ka kwatanta da 97.

Maganin dindindin: daina dogara da agogon waya. Ƙara wa teburin gurbin `processed_at`, aikin ya riƙa ɗaukar duk layin da gurbinsa ke fanko, ya cike shi bayan ya haɗa biya. Ko tikiti ya makara sati guda za a same shi.

Ummu_Khadija_Gusau: Ina da ƙari kan lissafin Injiniya. Iyakar 204 a kan jimilla take, kuma jimilla tana ɓoye mutuwar cibiya guda. A ce Argungu kan kawo wajen 150 cikin 408 ɗin. In ta yi shiru gaba ɗaya, saura 258, ya wuce 204, aikin ya ce lafiya. Manoma 150 ba a biya su ba, fitila kuma kore. Dole a yi ma'aunin a kowace cibiya daban, sannan a yi na jimilla.

Kuma ga tarkon da ke ciki. In ka ƙirga da `GROUP BY` kawai, cibiyar da ba ta turo komai ba ba za ta fito da sifili ba, ba za ta fito a sakamakon ba sam. Abin da bai fito ba kuwa ba a kwatanta shi da komai. Fara daga teburin cibiyoyi ka jawo tikitai a kai:

```sql
SELECT c.suna, count(t.id)
FROM cibiya c
LEFT JOIN tikiti t ON t.cibiya_id = c.id AND t.rana = :rana
GROUP BY c.suna;
```

Lura `count(t.id)` ne, in ka sa `count(*)` cibiyar da ba ta da komai 1 za ta nuna. Kowane dare ka rubuta sakamakon nan a wani ƙaramin tebur, har da masu sifili, shi ne tarihin da za ka riƙa kwatantawa da shi.

Yaron_Malam: Ni dai a ganina duk wannan ya yi yawa. A ce kawai in sifili ne a turo saƙo, shi ke nan.

Ummu_Khadija_Gusau: Ƙanena, da wannan dokar za a kama ta Talatar da ta wuce, amma 97 za ta wuce, 258 ma za ta wuce. Kuma ta ɗaya ɓangaren, ƙaramar cibiya za ta dame ka da saƙon banza. Wurin da ke samun kamar tikiti 3 a rana, in manoma suna zuwa ɗaya-ɗaya ba tare da sun haɗa tafiya ba, lissafi ya nuna kusan rana ɗaya cikin ashirin zai tashi babu ko ɗaya, ba tare da komai ya lalace ba. A zahiri ma ya fi haka, tunda mutanen ƙauye ɗaya kan yi hayar mota ɗaya su zo tare, ko su ƙi zuwa tare. Irin wannan wuri ba a yi masa dokar rabi, sai dai a ce in ya yi kwana biyu ko uku a jere babu komai a kira akawu. Wurin da ke samun 100 kuwa, sifili na rana ɗaya ya isa a tashi mutum daga barci.

Sarkin_Awo: To ku mi za ku yi da ƙarewar kaka? Shinkafar rani in ta taho, sati biyu sikeli ba ya hutawa, daga nan ta dinga raguwa. Wanga ma'auni naku na sati shida zai riƙa tuna lokacin cika, kullum shina kuka alhali kaya ne sunka ƙare. Ranar kasuwa ma daban take da sauran ranakku.

Injiniya_Bunza: Baba, ranar kasuwa ta shiga lissafin tunda kasuwannin namu mako-mako suke ci, kwatanta rana da irinta ya ɗauke wannan. Ƙarewar kaka kuwa gaskiyarka, nan ne raunin hanyar. Lambar tsakiya ta sati shida tana nuna yadda abu yake wajen sati uku da suka wuce. In kaya na raguwa da sauri za ta yi ta gargaɗi kullum, kuma gargaɗin da ke zuwa kullum cikin sati ɗaya ake daina karanta shi.

Abin da nake ba da shawara shi ne sharaɗi biyu a haɗe. A yi gargaɗi in adadin yau ya gaza rabin irin ranarsa ta makonnin baya, kuma ya gaza rabin lambar tsakiyar kwana uku na aiki da suka wuce. Raguwar kaka a hankali take sauka: 300, 270, 240, 210. Ta faɗi sharaɗin farko wata rana, amma ba ta faɗi na biyu ba. Lalacewar na'ura kuwa faɗowa take yi lokaci ɗaya, 300 yau, 40 gobe.

Hajiya_Akanta: Injiniya, a nan ban bi ka ba. Ka ɗauka lalacewa kullum faɗowa take yi. In wayoyi suna daina turowa ɗaya bayan ɗaya, yau ta wannan akawu ta cika, jibi ta wancan manhajarta ta tsufa, adadin zai sauka a hankali tamkar ƙarewar kaka, sharaɗinka na biyu kuma zai rufe masa asiri. Sannan in matsala ta kwana biyu ba a gyara ba, biyu daga cikin kwana ukun naka sun zama marasa kyau, a rana ta uku ma'aunin ya sauko ya tarar da matsalar, gargaɗin ya ɗauke da kansa.

Shi ya sa na ce zan dawo kan littafin Baba. Tarihi zato kawai yake bayarwa, ba ya ba da tabbaci. Tabbaci yana wurin wanda ya yi awon. Kowace cibiya in za ta rufe, akawu ya tura saƙon rufewa: tikiti nawa ya yanka yau, lambar na farko da ta na ƙarshe, jimillar kilo. Ko bai auna komai ba ya tura sifili da hannunsa. Da dare aikin ya duba abu biyu: cibiyoyi biyar duk sun turo rufewa? Adadin da suka faɗa ya yi daidai da wanda ke rumbun? Sifilin da akawu ya sa wa hannu shi ne za a yarda da shi. Shiru kuma ba sifili ba ne, sunansa "ba a ji daga gare su ba", haka ya kamata rahoton ya rubuta.

Injiniya_Bunza: Na karɓi gyaran kwana ukun, Hajiya. Duk ranar da aka yi wa gargaɗi a sa mata alama a teburin tarihi, kada ta shiga lissafin ma'auni sai mutum ya tabbatar ragin na gaske ne. Amma saƙon rufewa ba ya maye gurbin tarihi. Ta wayar da ta kasa turo tikitai zai biyo, kuma akawun da ya gaji yana iya kwafe adadin da manhaja ta nuna masa maimakon ya ƙirga littafi. A riƙe duka biyun.

AbuZamfara: Wani abu daga nan Zamfara da ya shafi tarihin. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni a haka. Duk tsarin da ke karɓar bayanai ta waya ya ga sifili a jere, da aka buɗe kuma abin da wayoyi suka tara ya shigo lokaci ɗaya. In ana ƙirga da ranar shigowa, tarihin ya lalace ta fuska biyu, makonnin fanko da kuma rana ɗaya mai dubbai. Don haka ma'aunin a gina shi da ranar da aka yi awon, ba ranar da tikitin ya iso saba ba. Kuma a tanadi hanyar ware wani tsawon lokaci gaba ɗaya daga lissafi.

Ummu_Khadija_Gusau: Daidai, sai dai ranar awon daga wayar take fitowa, wadda muka gama cewa ba a yarda da agogonta. A ajiye lokutan biyu, na waya da na saba. In na waya ya wuce na saba da fiye da 'yan mintuna, a ware tikitin a duba shi, tunda ba a yin awo a gobe.

Sallah ma haka take buƙatar tebur na hannu. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, kuma ranar ba ta tabbata sai fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata, don haka kwatanta da "irin wannan rana bara" ba ya aiki. Wani ya shigar da ranakun hutu da hannu, aikin ya sassauta a ranakun, kuma ya cire su daga tarihi.

Dan_Gwandu: Na duba Talatar 97. A rumbun akwai 394 masu kwanan watan ranar. Cibiyoyi uku ne suka turo a makare. Ofishin kuɗi sun ce sun biya mutanen da hannu da suka kawo kwafinsu, ba wanda ya haɗa abin da aikin dare. Yanzu tambayar da ta rage: in gargaɗi ya tashi, aikin ya dakatar da biya gaba ɗaya, ko ya biya abin da ya samu?

Injiniya_Bunza: Kafin wannan, kula da waɗanda aka biya da hannu. Ranar da ka koma tsarin `processed_at`, tikitai 297 ɗin nan gurbinsu fanko ne, aikin zai ɗauke su ya sake biya. Cike musu gurbin tukuna, da duk sauran tikitan da aka riga aka biya.

Kan tambayarka, ni dakatarwa nake so. Aikin ya fita da lambar da ba sifili ba, misali `exit 2`, kada ya taɓa komai, saƙon kuma ya faɗi lambobi: "Argungu: yau 0, an saba 150, ba a samu rufewa ba." Ya tafi wayar mutum biyu, ba akwatin imel da ba a buɗewa ba. Sai wani ya amince kafin a ci gaba.

Hajiya_Akanta: A'a. Manomin Yawuri da tikitinsa ya iso lafiya, me ya yi da za a riƙe kuɗinsa saboda wayar Argungu? A biya abin da ya iso, a rubuta a saman takardar cewa ba ta cika ba da sunan cibiyar da ta rage. Da tsarin gurbin nan, na makara za su shiga daren gobe. Dakatarwa ta dace ne in adadi ya yi yawa fiye da kima, domin nan ne ake tsoron biya sau biyu, kuɗin da ya fita kuwa da wuya ya dawo.

Injiniya_Bunza: In dalilin ragin makara ce, kin yi gaskiya. Amma da ƙarfe 2 na dare ba a san dalilin ba. Yana iya zama manhajar ce ta lalace tana turo rabin bayani, har kilo ɗin da ke tikitan da suka iso ba daidai ba ne.

Hajiya_Akanta: Saƙon rufewa yana ɗauke da jimillar kilo. Cibiyar da adadinta da kilonta suka yi daidai a sake ta, wadda ba su yi ba a riƙe.

Yaron_Malam: To in aikin ne gaba ɗaya bai tashi ba fa? A ce wuta ta ɗauke, batirin sola ya ƙare kafin ƙarfe 2. Wa zai yi gargaɗin?

Ummu_Khadija_Gusau: Tambaya mai kyau, babu. Aikin da bai tashi ba ba ya ƙirga komai. Sai an sa wani mai duba a wata na'ura daban, wanda da ƙarfe 6 na safe zai nemi layin jiya a teburin tarihi, in bai gan shi ba, ko bai samu sabar ba, ya tura saƙo. Kada ya zauna a saba ɗaya da aikin, kada kuma su sha wuta ɗaya.

Sarkin_Awo: Har yanzu ba ku gaya mani na farkon kaka ba. Sati shida da sunka wuce sikeli a rufe yake, tarihin duk sifili na. Rabin sifili nawa ne?

Dan_Gwandu: Baba, wannan ban yi tunaninsa ba. Ina ga makonni biyun farko sai dai mu dogara da saƙon rufewa, manaja kuma ya saka adadin da yake tsammani da hannu ga kowace cibiya da aka buɗe. Injiniya, ko a ɗauko makon farko na kakar bara a fara da shi?